Makon Farko na Sabon Ma'aikaci a Asibitin da Ba Ya Rabo da Cunkoso

Duk wanda ya taɓa zuwa cibiyar lafiya ta matakin farko a cikin birnin Kano da safiyar Litinin ya san yadda abin yake. Tun kafin ƙarfe takwas bencina sun cika, mata da goyo sun zauna har bakin baranda, mai yankan kati yana kiran suna, ana neman wanda ke riƙe da makullin ɗakin magani. A irin wannan safiya ce sau da yawa sabon ma'aikaci ke sallama da takardar turo shi aiki a hannu. Incaj ta karɓa ta duba, ta yi masa barka da zuwa, sannan ta nuna masa kujera ta ce ya taimaka a rage layi. Daga nan aiki ya fara, kuma babu wanda zai sake komawa ya nuna masa abin da aka tsallake.

Ba mugunta ke kawo haka ba, ƙarancin hannu ne. Amma a ganina asibitin da ya fi cunkoso shi ya fi buƙatar ya tsara makon farko a rubuce, domin a nan ne kuskure ke saurin ɓacewa a cikin jama'a. Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, wannan mako ba na koyar da sana'a ba ne. Nas ko ungozoma ko jami'in lafiyar al'umma ya yi shekaru a makaranta, ya ci jarrabawa, yana da lasisi. Abin da bai sani ba shi ne wannan gida: ina ake ajiye maganin tsayar da jini, wa ake kira da tsakar dare, wace ƙofa ake bi da mai jijjiga, kuma ina iyakar abin da aka yarda ya yi shi kaɗai.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce an turo wata jami'ar lafiyar al'umma da ta gama makaranta kwanan nan zuwa wata cibiya mai ɗakin haihuwa. Tsarin makon cibiyar kuwa shi ne: Litinin marasa lafiya sun fi yawa saboda waɗanda suka yi haƙuri Asabar da Lahadi, Talata ranar awon ciki, Laraba ranar rigakafin yara, Alhamis da sauƙi, Juma'a kuma kafin azahar an watse. Kowace cibiya da nata jadawalin, amma duk wata incaj ta san nata da ka.

Aikin da ake gamawa kafin ta iso

Shawara ta farko da incaj za ta yanke ita ce ranar farawa, kuma wannan jadawali ne zai yanke mata. Idan da hali, kada makon ya fara ranar Litinin. A fara Alhamis, a ci gaba Juma'a, sannan Litinin, Talata da Laraba. Ta haka ranaku biyu masu sauƙi za su tafi wajen nunawa da bayani, ranaku uku masu nauyi kuma su zo bayan ta san hanyar gida. Idan takardar ta kawo ta ranar Litinin, a karɓe ta, a rubuta cewa ta kama aiki, amma a bar ta ta yi kallo kawai har cunkoson ya lafa.

Shawara ta biyu ita ce wanda zai riƙe ta. Dole ya zama mutum ɗaya mai suna, ba “duk wanda ke kusa” ba, domin aikin da aka bar wa kowa babu mai yin sa. Kuma ba lallai ne ya zama wanda ya fi kowa daɗewa ba. Wanda ake nema shi ne mai yin aiki bisa ƙa'ida ko ba a kallonsa, wanda ba ya ƙosawa da tambaya. A nan ne tsare-tsare da yawa ke rushewa: a naɗa mai koyarwa, amma a bar mata layinta cif. Idan a misalinmu takan ga mutum 40 kafin azahar, to a wannan mako ba za ta iya wuce 25 ko 30 ba, domin kowane mara lafiya zai ci ƙarin minti biyu ko uku na bayani. Ragowar goma ko sha biyar ɗin sai an san tun kafin lokaci wa zai ɗauke su. Incaj da ba ta yi wannan lissafi ba, za ta tarar kafin ƙarfe goma an raba malama da ɗalibarta, kowacce tana nata layin.

Sauran shirin ba shi da wuya. A duba lasisinta a ga yana aiki: nas da ungozoma nasu daga hukumar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa yake fitowa, jami'an lafiyar al'umma kuma suna da tasu hukumar rajista. A tambaye ta ko ta yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda ake yi sau uku, na biyu bayan wata ɗaya, na uku a wata na shida. A shirya takarda guda ɗaya mai ɗauke da lambobin da za ta buƙata, a kuma sanar da kowa zuwanta, har maigadi da masu shara, domin su ne za su fara nuna mata inda tankin ruwa da janareta suke.

Alhamis: bin sawun mara lafiya

Zagayen da aka saba yi wa baƙo shi ne a nuna masa ofis-ofis ana gabatar da shi. Wanda ya fi amfani shi ne a bi da ita hanyar da mara lafiya ke bi: daga ƙofa zuwa wurin kati, zuwa wurin auna zafin jiki da nauyi, ɗakin ganin ma'aikaci, ɗakin gwaji, ɗakin magani, sannan fita. A kowane wuri ta ga wace takarda ke shiga, wace ke fita, da hannun wa. Bayan haka a sake zagayen karo na biyu, amma a matsayin wanda aka kawo ranga-ranga. Wannan hanya ta biyu ta fi gajarta, kuma ita ce ba a cika nuna wa kowa ba.

A wannan zagaye na biyu, kada a tsaya ga nuni da yatsa. Ta buɗe akwatin gaggawa da hannunta, ta ɗauki kowane abu ta karanta ranar lalacewarsa. Ta ga inda oksitosin yake, maganin da ake yi wa mace allurarsa da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, ta kuma san dalilin ajiye shi a wuri mai sanyi. Ta ga maganin jijjigar masu ciki, da ruwan ƙari da kayan sa shi, da 'yar jakar hura wa jariri iska. Gwajin wannan darasi mai sauƙi ne: da yamma malama ta ce, “Ɗauko min jakar hura iska,” ta duba agogo. Idan sai da ta yi tambaya ko ta wuce minti ɗaya tana nema, a sake zagayen.

Daga nan sai maganar tura mara lafiya gaba. Ta san asibitin da cibiyar ke tura masu haihuwa da wanda ake tura yara. A Kano, alal misali, cibiyoyi da yawa na cikin birni asibitin Murtala suke turawa, yara kuma asibitin Hasiya Bayero. Ta san wa ke da mota ko adaidaita-sahu da ake kira da dare, da yadda ake cike takardar turawa. A kuma faɗa mata ƙarara cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Sabon ma'aikaci yakan ji tsoron taɓa wanda bai yanki kati ba don kada a yi masa faɗa, kuma wannan tsoro sai shugabansa ya cire masa shi da bakinsa.

Juma'a: kare kai

Rabin ranar Juma'a ya isa a yi darasin da ya shafi jikin ita ma'aikaciyar. Wanke hannu ta sani, amma ta nuna a gani: da ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da man shafawa mai sinadari daƙiƙa 20 zuwa 30. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne tambayar da makaranta ba ta amsawa, wato me ake yi a wannan cibiya idan famfo ya ɗauke. Sai a nuna mata bokitin mai famfo da wanda ke da alhakin cika shi.

Allura kuwa tana buƙatar a daɗe a kanta. Ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, domin a nan ne sau da yawa sukar yatsa ke faruwa. Kai tsaye take shiga kwalin zuba allurai, kuma kwalin ana rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu, ba sai ya tumbatsa ba. Idan tsautsayi ya faru allurar da aka yi wa wani ta soke ta, za ta wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, ba matsewa ba tsotsa, sannan ta faɗa wa incaj a wannan lokaci. Dalilin gaggawar shi ne maganin kariya daga ƙanjamau ana son a fara shi cikin sa'o'i kaɗan, ba ya wuce sa'a 72, kuma ana shan sa kwana 28. Haɗarin kamuwa da ƙanjamau daga suka ɗaya ƙarami ne, kusan uku cikin dubu, amma na ciwon hanta nau'in B ga wanda bai yi rigakafi ba yana iya kaiwa kashi 30 cikin ɗari. Shi ya sa aka tambaye ta katin rigakafinta tun kafin ta zo.

Na fi damuwa da wannan darasi fiye da sauran saboda kunya. Yarinyar da ta kwana biyu da fara aiki, idan allura ta soke ta ranar Juma'a da rana, zuciyarta za ta ce ta yi shiru kada a ce ba ta iya ba. Kafin ta yi ƙarfin halin faɗa ranar Litinin, sa'o'in da ake ƙirgawa sun kusa ƙarewa. Saboda haka incaj da kanta, ba malama ba, ta kira ta gefe ta ce: “Ƙanwata, idan allura ta soke ki, ko ƙarfe biyun dare ne ki kira ni. Babu wanda zai ga laifinki.” Ta kuma gaya mata takamaiman asibitin da ake samun maganin idan cibiyar ba ta ajiye shi.

A rufe ranar da nuna mata inda ake keɓe wanda ake zargin yana da cuta mai yaɗuwa, irin su amai da gudawa, zazzaɓin Lassa ko mashaƙo, wanda ya addabi Kano a 2023. Ta san inda takunkumi da safar hannu suke, da lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

Litinin: duba layi

Ranar Litinin ba a ba ta teburi. Aikinta shi ne ta bi layi tare da malamarta tana duban fuskoki. Layin asibiti ba layin banki ba ne da wanda ya riga zuwa zai riga shiga. Matar da ta fi kowa haƙuri a ƙarshen benci tana iya zama ita ce ke goye da yaron da ya fi kowa jin jiki, kuma ba za ta yi magana ba saboda kawaici.

Alamomin da za ta nema a jikin ƙaramin yaro kaɗan ne, kuma dole su zauna mata a ka: ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da aka ba shi, ya yi taune-taune, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. A ƙara da numfashi da sauri, wato sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya, sau 40 ga wanda ya wuce haka har shekara biyar, da kuma faɗawar ƙasan ƙirji idan ya ja numfashi. Duk yaron da aka gani da ɗaya daga cikin waɗannan, an fitar da shi daga layi. Ta yi zagayen duk bayan rabin sa'a, domin wanda yake lafiya lau da ƙarfe tara yana iya canzawa kafin goma.

Akwai abin da ke biyo baya wanda ya kamata a koya mata shi ma: yadda za ta yi wa sauran bayani. Idan aka ɗauke wata daga baya ba a ce komai ba, sai a fara gunagunin ana son kai. Magana ɗaya ta wadatar: “Iyayena ku yi haƙuri, yaron nan jikinsa ya tsananta, za mu fara da shi.” Mutane ba sa musu da wannan idan an faɗa musu.

Da rana, idan layi ya ragu, sai ta zauna ta ga mutum biyar ko shida malama na gefenta. A nan ake duba ko tana buɗe littafin ƙa'idojin aiki da jami'an lafiyar al'umma ke bi, wanda ya fayyace abin da za su yi wa magani da abin da za su tura gaba. A duba kuma gwajin zazzaɓin cizon sauro: ko tana jiran mintunan da kamfanin ya rubuta a kwali, galibi 15 zuwa 20, ko kuwa cunkoso na sa ta karanta da wuri.

Talata ranar awo ce, kuma tsarinta bai bambanta da na Litinin ba: ta kalla, ta yi ana kallonta, sannan a gyara mata bayan mai cikin ta fita, ba a gabanta ba. Abu biyu za a tabbatar. Na farko, ta iya auna hawan jini da na'urar da ke wannan cibiya, ta san cewa 140 bisa 90 abin lura ne, 160 bisa 110 kuma na gaggawa ne, balle idan da ciwon kai ko dishi-dishin gani. Na biyu, sirri. A unguwa kowa ya san kowa, kuma za a wayi gari uwar miji ko maƙwabciya ta tare ta a hanya tana tambayar sakamakon gwajin wance. Amsar ita ce ba ta da ikon faɗa, kuma doka na bayanta.

Laraba: firij

Ranar rigakafi ita ce ta fi kowace rana ɓoye kuskure, domin allurar da ta lalace kamanninta ɗaya da mai kyau. Uwa za ta tafi gida da kati a cike tana murna, alhali yaron bai samu kariya ba, kuma babu wanda zai sani sai ƙyanda ta shigo unguwa. Don haka sabuwar ma'aikaciya ta riga kowa zuwa wannan rana, ta fara da firij. Sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, ana dubawa safe da yamma a rubuta a takardar da ke manne a jikinsa, har ranakun hutu. Idan ta ga an cike takardar mako guda da lamba iri ɗaya da biro ɗaya, ta san cewa a zaune aka cike ta, ta kuma faɗa.

Mutanenmu zafi suke tsoro, kuma da gaskiyarsu. Alamar da ke jikin kwalba don zafi aka yi ta: ɗan murabba'i a cikin da'ira, idan ya fi da'irar haske ana amfani da maganin, idan launinsu ya zo ɗaya ko ya fi ta duhu an zubar. Amma wannan alama ba ta nuna daskarewa, kuma daskarewa na kashe wasu alluran, kamar mai haɗe da cututtuka biyar da ake kira fenta, da ta ciwon hanta, da ta sarƙe-haƙora da ake yi wa masu ciki. Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne ya ɗauko ƙanƙarar roba daga injin daskarewa ya jera kwalabe a jikinta kai tsaye, yana ganin ya kyauta. Daidai shi ne a ajiye ta a waje har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki, sannan a sa a akwatin ɗauka.

Sai kuma alluran da ke zuwa a gari ana haɗa su da ruwansu: ta tarin fuka, ta ƙyanda da ta shawara. Kowacce da ruwan da kamfaninta ya haɗo ta da shi, ba a musanyawa. Da zarar an haɗa, a rubuta lokaci a jikin kwalbar, kuma bayan sa'a shida ko ƙarshen zaman rigakafin, duk wanda ya riga zuwa, an zubar da abin da ya rage. Sabuwar ma'aikaciya za ta ji nauyin zubar da kwalbar da ta rage rabi, musamman idan ta ji ana kukan ƙarancin magani. A gaya mata dalilin: waɗannan ba su da sinadarin hana ƙwayoyin cuta girma, kwalbar da ta kwana tana iya zama guba.

Rubutu shi ne rabin aikin wannan rana. Kowace allura tana shiga wuri uku: katin yaro, rajistar rigakafi da takardar ƙirga. Daga waɗannan ake haɗa rahoton wata da ke shiga manhajar DHIS2, kuma da shi ake lissafin adadin maganin da za a turo wa cibiyar. Da yamma ta ƙirga da kanta ta ga ko lambobin uku sun yi daidai da kwalaben da aka buɗe. Idan takardar ƙirga ta ce yara 32 aka yi wa fenta, rajista ta ce 29, to akwai yara uku da ba za a iya bibiyarsu ba idan ba su dawo ba, kuma a ranar ake nemo su tun ana tuna fuskoki.

Zaman ƙarshe na minti talatin ne, incaj da malama da ita. A gabansu akwai takarda mai abubuwa goma ko sha biyu da aka bi a makon, kuma ba a sa hannu a kan “an gaya mata”, sai a kan “ta yi an gani”. Daga nan a raba aikin gida uku a faɗa mata a fili: wanda za ta yi ita kaɗai daga gobe, wanda za ta yi sai da wani a kusa, da wanda ba za ta taɓa ba tukuna. A misalinmu, auna yara, gwajin zazzaɓi da duba layi suna kashin farko, haɗa allurar rigakafi da awon ciki suna na biyu, karɓar haihuwa ita kaɗai da dutin dare kuma suna na uku har sai an sake zama bayan wata ɗaya. A rubuta ranar wannan zama a kalandar ofis tun yanzu.

Sannan a juya tambayar gare ta: me ta gani a makon nan da ya saɓa wa abin da aka koya mata a makaranta? Wanda ya shekara goma a wuri idonsa ya saba, ya daina ganin kwalin allurai da ya cika ko maganin da ya kusa lalacewa a bayan kanta. Ita kuwa tana gani, amma ladabi ba zai bar ta ta fara faɗa wa na gaba da ita ba. Incaj ta ɗauki biro ta rubuta abin da ta faɗa a gabanta, ta zaɓi ɗaya a gyara kafin Litinin mai zuwa.